Ƙasar da Gabas Take Yamma: Na Bi Sawun Kaka Zuwa Kogin Kaladan

Jirgin ruwan ya bar Sittwe da misalin ƙarfe 7 na safe, hazo bai gama washewa ba. Tsohon jirgi ne mai hawa biyu, ƙasa an shaƙe shi da buhuna da kekuna, sama kuma mu fasinjoji kowa ya takure cikin bargo, don sanyin watan Janairu a kan ruwa ba ya sallama. A aljihun rigata akwai wani ɗan ƙyalle rawaya, bai kai tafin hannun yaro ba, da hoton baƙin gizo-gizo a tsakiyarsa. Duk bayan ɗan lokaci sai in taɓa aljihun in ji yana nan.

Aiki ne ya kai ni Yangon, a ƙasar Boma wadda yanzu ake kira Myanmar, a farkon shekarar 2016, kwas na mako biyu. Da aka gama, abokan tafiyata suka nufi gida, ni kuwa na ƙara kwana biyar daga aljihuna, na hau ƙaramin jirgin sama zuwa Sittwe, garin da Kaka yake kira Akyab. A nan kogin Kaladan yake faɗawa teku. Tun ina ɗan shekara 12 sunan kogin nan yake kunnena, kuma a zatona wani ƙaramin rafi ne da za a iya jefa dutse ya tsallake. Da na gan shi sai da na yi dariya ni kaɗai. A bakinsa, da ƙyar ido yake kai wa ɗaya gaɓar.

A 1987 ne Kaka ya ba mu labarin, sau ɗaya tak. Mu uku ne a gabansa daren nan: ni, da yayata wadda yake kira Amarya, da wani ɗan baffanmu. Tatsuniyar Gizo muka matsa masa ya yi mana. Ya ce shi bai iya tatsuniya ba, wannan aikin mata ne. Amarya ta ce, "Ai kuwa in ba ka yi ba, yau na fasa auren." Ya yi dariya har da tari, sannan ya miƙe ya shiga ɗaki. Mun ɗauka fushi ya yi. Sai ga shi da wani gwangwani duk tsatsa, ya buɗe, ya ɗora mini ƙyallen nan a hannu.

"Ga Gizonku nan," in ji shi. "Ni shekara uku na yi ina ɗauke da shi a kafaɗa."

Alamar Runduna ta 81 ce ta sojojin Afirka ta Yamma, wadda Ingila ta haɗa a 1943 daga Najeriya da Gwalkwas, wato Ghana ta yau, da Saliyo da Gambiya, don yaƙar Japan a Boma. Gizon na mutanen Gwalkwas ne, Ananse suke ce masa, amma Kaka ya ce babu Bahaushen da ya yarda da haka, kowa ya san Gizo namu ne, mai cin ƙato da dabara. Kansa ƙasa ake ɗinka shi a hannun riga. Ya ɗaga hannu kamar mai saita bindiga ya nuna mana dalili: in ka ɗaga hannu haka, sai Gizo ya fuskanci abokin gaba.

Ba a jere ya kawo labarin ba, kuma mu ma ba mu bar shi ya jera ba. Ɗan baffanmu mutum nawa ya kashe kawai yake son ji. Kaka ya yi kamar bai ji ba, da ma kunnensa na hagu a toshe yake tun can, kuma ya iya amfani da shi in tambaya ba ta yi masa ba. Ya fi son zancen teku. Daga Legas suka tashi, suka zagaye ƙasan Afirka, suka yi makonni ba su ga ƙasa ba kafin Bombay. Ya ce kwana uku na farko babu kofur babu kurtu, amai ya daidaita kowa. Daga nan jirgin ƙasa ya ratsa da su Indiya, har suka isa wani wuri Chiringa, kudu da Chittagong. A nan hanya ta ƙare.

"To sai kuka yi yaya?" na tambaye shi.

"Sai muka yi hanya."

Da adda da diga da shebur suka sare daji, suka yanka duwatsu, suka fitar da hanyar da ƙaramar motar soja za ta bi, mil 75, wato kusan kilomita 120, har kwarin Kaladan. A watan Janairu na 1944 aka gama ta. Ina zaune a jirgin nan ina hangen tsaunukan can nesa, shuɗi-shuɗi a bayan gonakin shinkafar da aka girbe, na yi ta ƙoƙarin auna aikin a raina, na kasa. Inda muke bi shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, bauna na kiwo, mata na wanki a bakin ruwa. Yaƙin Kaka yana can sama, inda kogin ya tsuke, gora ta rufe sama.

Abin da ya sa Turawa suka tura 'yan Afirka ta Yamma kwarin nan shi ne kai. Kan ɗaukar kaya nake nufi. Mota ba ta wuce wani wuri, alfadari ma akwai hawan da yake tsayawa ya ƙi. Amma rundunarsu tana da dubban sojoji waɗanda aikinsu dako ne kawai: suna da kaki, suna da lamba, ba su da bindiga, sai adda da gammo. Kowannensu yana ɗaukar kaya mai nauyin kilo 18 ko kusa da haka, ban da nasa na kansa. Harsashi, rediyo, magani, igwa da aka kwance gunduwa-gunduwa, duk a ka suke tafiya. Abinci kuwa daga sama yake zuwa. Za a share fili, a shimfiɗa alama, jiragen Dakota su zo su yi ta zagaye suna turo kaya. Abin da zai fashe a laima ake saukar da shi. Buhunan shinkafa kuwa haka nan ake wurgo su. Kaka ya ce ya ga mutumin da ya tsallake harsashin Japan, buhun shinkafa ya karya masa wuya. Muka yi dariya, don mun ɗauka wasa ne. Shi bai yi ba.

A cikin masu gammon nan ƙanensa yake.

Mu har daren nan ba mu san Kaka yana da ƙane ba. Auta ake ce masa a gida, sunansa na yanka Musa. Da Kaka ya shiga soja, yaron ya nace sai ya bi shi, mahaifinsu ya ce bai ba da 'ya'ya biyu ba. Sai ya gudu wani gari mai nisa inda ba a san shi ba, ya ƙara wa kansa shekaru, ya shiga layi. A lokacin, akawun soja yakan rubuta sunan mutum ne ya haɗa da garinsu ko ƙabilarsa, shi ke nan ya zama sunansa a fareti har ya bar aiki. Auta ya ba da sunan garin da ba nasu ba, don kada a biyo sawu a mai da shi gida. Dabarar ta yi aiki fiye da yadda ya so. Sai a Indiya Kaka ya ci karo da shi a layin karɓar ƙwayar zazzaɓi, wata rawaya mai ɗaci da ake tsare soja sai ya haɗiye a gaban saja, don an yi ta raɗe-raɗin tana kashe mazakuta. Ya ce da ya gan shi, mari ya fara kai masa, sannan ya rungume shi.

Wajen ƙarfe 1 lokacin azahar ya yi, muna tsakiyar ruwa. Tun a Sittwe na lura ba wurin da Musulmi zai shimfiɗa darduma a fili ba ne. Tsohon masallacin garin a rufe yake tun rikicin 2012, 'yan sanda na zaune a ƙofarsa, Musulmin garin kuma mafi yawansu suna sansanoni a bayan gari. Don haka a zaune na yi niyyar yi, shiru. Na duba inuwa na gane gabas, har na fara gyara zama, sai na tuna. A ƙasar nan Makka tana yamma. Na juya wa gabas baya, jikina duk ya yi wani iri, kamar na sa takalmi a juye. Mu tun muna yara kalma ɗaya muka sani, in an ce mutum ya dubi gabas an gama magana. A nan ne na ji muryar Kaka sosai, don a kan wannan gaɓar ya tsaya daren nan ya daɗe bai ce komai ba.

Sun gangaro kwarin lafiya, ta Paletwa, wasu a ƙafa wasu a kan gora da aka ɗaure ta zama kwale-kwale, har suka kai Kyauktaw a farkon Maris na 1944. Daga nan al'amari ya juya. Japan suka zagayo ta gefen da ba a tsare sosai ba, suka kama wani tudu mai ɗakin ibada a kansa, a hayin kogi, wanda duk mai riƙe da shi yana kallon komai. Aka ce a ja da baya. Kaka ya ce ja da baya ya fi gaba wuya nesa ba kusa ba: da dare ake tafiya, ba taba, ba tari, kowa ya riƙe jakar na gabansa don kada ya ɓace. Japan kuma sukan matso cikin duhu su yi ta ihu da harbi ba don su kashe kowa ba, don dai wani mai tsoro ya mai da martani su gane inda kuke. Aikin kofur a irin daren nan shi ne ya hana yaransa taɓa kunamar bindiga. Shi kofur ne a lokacin, da mutum takwas a hannunsa, kuma su aka bari a baya su tsare wutsiyar layi.

Akwai ƙoramu da yawa a ƙasar, chaung suke ce musu, kuma a rani su ne hanya, don cikin daji ba ya ratsuwa sai da sara. Japan ma sun san haka. A wata mashiga suka saita ƙaramar igwarsu, suka jira sai da masu dako suka cika ƙoramar. Mai bindiga in ya ji ƙugin harsashi yakan faɗi ƙasa nan take. Mai akwati a ka kuwa sai ya fara tunanin akwatin, don an hore shi kada ya yar. Wannan ɗan jinkirin shi ne bambancin.

Da su Kaka suka iso mashigar, an riga an kwashe waɗanda za a iya kwashewa. Kowane mai rauni ɗaya yana cin mutum huɗu masu ɗaukar gadon, da wasu da za su karɓe su in sun gaji, kuma filin da ƙaramin jirgi yake sauka ya ɗauki majinyata yana gaba da nisa. Gadaje sun ƙare. A jikin wani dutse ya tarar da Auta, ƙarfe ya shige shi a ciki, gammonsa na hannunsa.

"Ya ce mini, 'Yaya, akwatin yana can, ban yar ba, ajiyewa na yi.'"

Suka sare gora biyu, suka zura su cikin riguna, suka ɗora shi. Mutum huɗu daga cikin takwas ɗinsa suka rataye bindiga suka ɗauka, abin da ba a ba shi izini ba, kuma ya ce da an kawo musu hari a lokacin da ya hallaka sauran a banza. Yana ta roƙon ruwa. An koya musu ba a ba mai raunin ciki ruwa, sai dai a jiƙa masa leɓe. Kaka ya bi doka, ya hana shi. Kafin asuba ya cika.

"Da na san ba zai kai ba," in ji shi, "da na ba shi gorar duka."

Amarya ta fara kuka a nan. Ya dube ta ya ce, "Haba Amarya, tun yanzu? Ai ban zo wurin ba."

Minti kaɗan saja ya ba su. Da adda da hannu suka tona rami a gefen ƙorama, bai kai gwiwa ba. Babu wanka. Likkafani kuwa wani yanki ne na farar laimar da ake sauko da kaya, wanda ɗaya daga cikin yaransa ya ɓoye a jaka zai kai wa matarsa. Suka tsaya su biyar suka yi kabbara huɗu cikin raɗa. Kaka ya kwantar da shi a gefen dama, ya dubi inda gari ya fara ja, ya juya fuskar yaron can, suka rufe, suka ja ganye a kai don kada a gane an bi ta wurin, suka ruga suka cim ma layi.

Sai da rana ta take, suna hutawa, ya ga wani yana taimama ya juya wa hantsi baya. Wata bakwai ya yi a ƙasashen nan yana salla yana kallon yamma, ya sani sarai. Amma a daren nan hannunsa gida ya koma. Ya kwantar da ƙanensa ya ba alƙibla baya.

Ya ce ya tambayi malamai bayan ya dawo, fiye da ɗaya, kowa ya ce masa babu komai, halin larura ne, Allah ba ya kama bawa da mantuwa. "Na yarda da su," in ji shi. "Amma su ba su ga fuskar ba."

Sauran abin da ya rasa a gurguje ya ambata, kamar mai karanta lissafin wani. Kunnen, a zagaye na biyu ne, da suka sake shiga kwarin bayan damina. Yarinyar da aka yi masa alkawari, ya tarar tana goyon na biyu, kuma bai ga laifinta ba. Sai a 1946 jirgi ya samu ya dawo da su, bayan sun yi wata da watanni a Indiya suna jira. Saƙon rasuwar Auta kuwa, in ma an aika, garin da ya ara aka aika wa. Shekara biyu mahaifiyarsu tana ajiye wa mutum biyu zuciya. Da ya shigo gida ta rungume shi, amma ya ce yana jin kanta a kafaɗarsa tana leƙen ƙofa.

Da ya yi shiru, ɗan baffanmu, don yarinta, ya ce, "Kaka, ba ka ce ƙurunƙus ba." Kaka ya karɓi ƙyallen daga hannuna, ya jujjuya shi. Ya ce masu tatsuniya sukan ce ba don Gizo ba da sun yi ƙarya, shi kuwa ga Gizon a hannu, kuma da ƙarya ce da ya fi kowa murna. Ya rufe gwangwanin. A 1994 ya rasu, bai ƙara tayar da zancen ba, mu ma ba mu yi hankalin tambaya ba.

Bayan kusan awa shida jirgin ya bar babban kogi ya shiga wani siririn reshe, muka sauka a Mrauk U. Wannan shi ne Myohaung, inda Runduna ta 81 da ta 82 suka haɗu suka kori Japan a Janairu 1945, sunan da barikin soja na Yaba a Legas yake ɗauke da shi har yau. Tsohuwar hedikwatar daular Arakan ce, ɗakunan ibada na baƙin dutse birjik a kan tuddai, awaki na yawo a tsakaninsu. Kwana biyu na yi. Wani dattijo mai ba da hayar keke, da na nuna masa ƙyallen, ya ce mahaifinsa yakan ba da labarin baƙaƙen sojoji masu ɗaukar kaya a ka ba sa riƙewa da hannu. Iyakar abin da na samu ke nan. Na so in hau zuwa Kyauktaw, sai na tambayi kaina me zan nema. Ƙorama ce cikin ɗaruruwa, damina sama da 70 ta bi ta kanta.

Ranar da zan bar ƙasar na ɗauki tasi daga Yangon zuwa Taukkyan, tafiyar kusan awa ɗaya arewa da birni. Maƙabartar sojojin yaƙin ce, kaburbura sama da 6,000 a jere cikin ciyawa da aka aske kamar darduma, samari da 'yammata na zaune a inuwa suna hira. A tsakiya akwai dogayen ginshiƙai a layi biyu, an buɗe su a 1958, an sassaƙa sunayen mutum kusan 27,000 waɗanda ba a san kabarinsu ba. Ɓangare-ɓangare aka tsara su bisa runduna. Na wuce na Ingila, na wuce na Indiya masu yawan gaske, wuyana har ya ƙage, sannan na iso namu.

Ban shirya wa abin ba. Sunaye ne irin na maƙwabta, irin na 'yan ajinmu, kowanne da garinsa ko ƙabilarsa a manne. Kuma Musa ba ɗaya ba ne, ba biyu ba.

Kaka ya faɗi sunan garin da Auta ya ara. Na tabbata ya faɗa, har ya kwaikwayi yadda Baturen yake karya shi a fareti, muka yi dariya. Ni ban riƙe ba. Kafin in taso na tambayi Amarya ta ba ni suna ɗaya, ɗan baffanmu ya rantse wani ne daban. Rajistar masu kula da maƙabartar tana da lambar kowane soja da ranar rasuwarsa, da za ta raba gardama. Amma lambar da Kaka yake rera mana kamar karatun allo, har muka haddace, tasa ce, ba ta Auta ba.

Na bi Musa ɗaya bayan ɗaya, wanda hannuna ya kai na shafa, wanda bai kai ba na ɗaga waya na ɗauka. Wani mai ban ruwan furanni ya tsaya yana kallona, ya kawo mini ɗan benci in taka. Da na gama na koma gefe, na duba rana ta karkata, na fuskance ta na karanta abin da ya sawwaƙa, na ce Allah ya kai ladan ga wanda ya san nasa ne.

A cikin tasi na tura wa Amarya hotunan duka. Har muka shiga cunkoson Yangon ba ta amsa ba, sai can saƙo ya shigo: "Na ukun nan ya yi kama. Amma kada ka goge sauran."